Famfon da Ya Sha Zoɓo

A Tudun Na'iya, wani ƙauye da ke gefen hanyar Fakku in ka baro Kebbe, an taɓa yin famfon da yake fito. Fito ne siriri mai tsawo, kamar na makiyayi yana kiran karsana daga nesa. Da hantsi yake farawa, ya yi ta yi har azahar, kuma duk tsawon lokacin nan ko ɗigon ruwa ba ya bayarwa. In ka kai gashin kaza kusa da bakinsa sai ya fizge. Wata mata ma ta rantse ya kama mata bakin gyale. Da la'asar kuwa sai ya koma famfo kamar kowane famfo, yana zuba abinsa kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba.

Ɗangiwa bai ga farkon abin ba. Yana Tambuwal a gidan 'yarsa, an cire masa yana a ido, an ce ya yi wata biyu ba rana ba ƙura. Dattijo ne siriri mai ɗan rankwafi, wanda ya yi shekara ashirin da bakwai yana shimfiɗa bututun ruwa kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani injiniya da yake son koyarwa, kuma abin da ya shiga kan Ɗangiwa ba ya fita. A cikin wata tsohuwar jakar fata yake ajiye da zarto, da tiyo mai haske wanda ake ganin ruwa a cikinsa, da wani geji mai allura ɗaya, na auna matsin ruwa, wanda yake naɗewa a tsumma kamar jariri.

Da hannunsa aka shimfiɗa bututun garin shekara biyu da suka wuce. Rijiyar burtsatse da tankinta suna gindin tudu ta gabas, sola ce ke cika tankin. Daga can bututu mai faɗin inci fuɗu ya hau tudu, inda gidaje suke, aka fitar wa mata da famfo a daidai ƙololuwa, sannan bututun ya gangara ta yamma zuwa wani dogon kwamin siminti inda shanun rugar Mu'awiyya suke sha. Wannan kwamin shi ne ya kashe rigimar da ta daɗe, domin kafin a yi shi, sai shanu sun ratsa ta cikin gonakin albasa kafin su kai ga ruwan fadama. A lokacin famfon tudu yana ba da ruwa safe da yamma, ko shanu na sha ko ba sa sha. Ruwa ne mai sanyin jiki, ba ya fesawa, amma yana cika jarka.

Ranar da ya dawo, bai gama kwance kaya daga bayan babur ba ya ji fiton. Matarsa Mu'minatu ce ta ba shi labari, tana zaune tana shafa man zafi a gwiwa. Ta ce Alhaji Ɗanmaliki, shugaban kwamitin ruwa, ya ce ruwan famfon ya yi lalaci da yawa, ya ɗauko wani mai gyara daga kasuwa aka yanke bututun a ƙololuwa, aka sa masa ɗan siririn wuya mai inci ɗaya, tsawonsa kamu guda, aka mayar da famfon a kan wuyan. Aka zuba dakalin siminti a kai, Alhaji ya rubuta sunansa da tsinke tun simintin na ɗanye. Da la'asar aka gwada, ruwa ya zo, aka yi guɗa. Washegari da hantsi famfo ya fara fito. Tun daga ranar mata ke gangarawa gindin tanki da safe, su hawo da jarka a ka, ko su jira yamma su yi layi har magariba. Ta ce yanzu kowa ya gane abin da ke faruwa: da zarar Fulani sun buɗe kwaminsu, sai ruwan gari ya ɗauke, da sun rufe sai ya dawo. Kwamiti zai zauna ran Asabar a gaban Maigari, a yanke bututun ruga.

Ɗangiwa ya tambaye ta ko ta manta shekara biyun da ta yi tana ɗiba alhali kwamin na buɗe. Ta ce ba ta manta ba, amma gwiwarta ba ta san tarihi ba.

Ya san abin da yanke bututun yake nufi. Rani ya riga ya kama, tabkunan yamma sun zama taɓo. In aka rufe kwami, Mu'awiyya yana da hanya biyu, ko ya ratsa albasa a koma gidan jiya, ko ya kwashe gidaje bakwai da shanu ya bar wurin da aka haifi 'ya'yansa.

Washegari da hantsi ya ɗauki jakarsa ya gangara gindin tudu. Akwai wata 'yar kafa da ya bari a jikin bututun tun ran da aka shimfiɗa shi, ya kwance murfinta ya ɗaura gejinsa. Allurar ta yi rawa ta tsaya a kan ɗaya da ɗigo biyu. A lissafin masu ruwa, wannan matsi ne da zai iya ɗaga ruwa tsayin mita goma sha biyu. Ya rubuta goma sha biyu a bayan hannunsa. Daga nan ya auna tsayin tudun da tiyonsa da wata gora mai mita biyu, irin yadda magina ke daidaita harsashi, yana hawa yana kafa gora, wani mai jaki da ya tausaya masa yana riƙe masa ɗaya bakin tiyon. Gora biyar cif suka kai shi bakin famfo. Mita goma ke nan.

Sai ya gangara yamma. Ya tarar da Mu'awiyya a bakin kwami, dogon mutum mai ƙarancin magana, ya rataya sanda a kafaɗa yana kallon shanu. Suka gaisa, Mu'awiyya ya yi masa ya jiki, ya tambayi idon. Matarsa Sauda, wadda take kai nono cikin gari kullum, ta ce kwana uku ke nan ana bari ƙwaryarta ta dawo a cike, mata suna ce mata 'yar masu shanye ruwa. Ɗangiwa ya sa aka mirgino duro mai lita ɗari biyu aka tara a bakin bututun, yana duban agogon wayarsa. Sakan hamsin duro ya cika. Haka yake tun farko, shi ya ɗaure bawul ɗin, wato makunnin ruwan kwamin, a haka da wayar ƙarfe, ga wayar nan ta yi tsatsa ba wanda ya taɓa ta.

Ya tsuguna a inuwar wata aduwa ya share ƙasa da tafin hannu. Lita ɗari biyu a sakan hamsin, lita fuɗu ke nan kowane sakan. Mita ɗaya ta babban bututu tana ɗaukar kusan lita takwas, saboda haka ruwan rabin mita kawai yake tafiya a sakan, tafiyar tsohuwa mai zuwa gaisuwar mutuwa. To amma ruwa ba ya matsuwa, ba ya kuma ɓacewa a hanya. Lita fuɗun da suka shiga ta gabas dole su fita ta yamma, dole kuma su bi ta wuyan Alhaji. Inci ɗaya kashi ɗaya ne cikin fuɗu na faɗin, amma bakinsa kashi ɗaya ne cikin goma sha shida, mita guda tasa rabin lita take ɗauka. Kafin lita fuɗu su wuce ta nan a sakan ɗaya, sai ruwan ya yi gudun mita takwas.

Nan ya tuna injiniyansa, da ƙa'idar da yake kira ta Banuli, sunan wani masani na can da. Ƙarfin ruwa a bututu guda ne, amma gida uku yake zama: matsi, da tsayi, da gudu. Abin da ya ƙaru a gida ɗaya, daga wani gidan aka ɗebo shi. Gudu kuwa yana da haɗama, ana ninka shi a kansa ne a raba da ashirin. Takwas sau takwas sittin da fuɗu, a raba da ashirin, mita uku da ɗigo biyu. Gudun rabin mita na babban bututu kuwa abin da yake ci bai kai faɗin yatsa ba. Ya rubuta goma sha biyu, ya cire goma na hawan tudu, saura biyu. Ya cire kusan rabin mita na gugar ruwa da jikin bututu, saura ɗaya da rabi. Wannan ɗaya da rabin ita ce ta ciyar da famfon shekara biyu. Yanzu ga gudu yana neman uku da ɗoriya a inda ɗaya da rabi ce kawai ta rage. Matsin da ke cikin wuyan ya faɗi ƙasa da na iskar waje da fiye da mita ɗaya da rabi. In aka buɗe famfo a irin wannan wuri, iska ce za ta shiga, ruwa ba zai fito ba. Da yamma in an rufe kwami ruwa ya tsaya, ba gudu, sai mita biyun ta dawo wa famfo.

Ya daɗe yana kallon lissafin. Har wata tururuwa ta bi ta kan sittin da fuɗun ta wuce da ƙwayar gero. Abin ya ba shi sha'awa, ya ji kunyar sha'awar, domin ga Mu'awiyya a tsaye yana jiran ya ji ko zai kwana a gidansa bana.

"Ba ku kuka sha ruwan ba," in ji Ɗangiwa. "Kamu guda na bututu ne. In an canja shi, ku sha su sha."

Mu'awiyya ya ce Allah shi sa su ji. Daga yadda ya faɗa, Ɗangiwa ya gane bai sa rai ba.

Da yamma ya je wurin Ɗanmaliki. Taubasai ne, tare suka yi kiwon awaki, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ɗanmaliki manomin albasa ne da ake ji da shi har Dogon Daji, kakkaura, mai dariya da ciki. Ya same shi a gona yana ban ruwa da tiyon inji.

"Injiniya mai ido ɗaya, an sako ka?"

"An sako ni, Sarkin albasa. Na zo in ga wuyan da ka shaƙe."

Ɗanmaliki ya danna babban yatsansa a bakin tiyo. Ruwan da yake zuba a gindin ƙafarsa ya tashi ya faɗa kunya ta shida. Ya saki, ruwa ya dawo. Ya sake dannawa.

"Shekara arba'in ina wanga abu," in ji shi. "Kai ka ce mini in an matse ruwa ƙarfi nai raguwa shikai?"

Ɗangiwa ya yi masa bayani a hankali. Ya ce gudun gaskiya ne, ido bai yi ƙarya ba. Amma turin da yake ji a yatsa, a bayan yatsan yake, cikin tiyo, inda ruwa ke tafiya a hankali. Ruwan da ya kuɓuce ta matsatsin ya riga ya sayar da turinsa ya sayi gudu, gaba kawai ya sani, ba ya tura gefe. Famfo kuwa a gefen bututu yake, turin gefe yake ci. Ya ce ruwa matafiyi ne da ya baro gindin tudu da guzurin mudu goma sha biyu, hawa ya cinye goma, sai kuma aka ce ya yi tsere a ƙofar gari da ɗan abin da ya rage, ya iso wurin mata hannu wofi har yana roƙon iska. Ya ce ba wani babban aiki ba ne, a fasa dakalin, a cire wuyan, a mayar da guntun inci fuɗu, a bar bawul ɗin kwami a sakan hamsin ɗinsa. Yana da guntun a gida, kafin azahar an gama.

Ya ga fuskar Ɗanmaliki ta canja a daidai kalmar fasa dakali. Dariyar ta tafi. Ya ce a gaban Maigari da liman aka buɗe dakalin nan, an ɗauki hoto an sa a waya, 'yan garin da ke Legas sun gani sun yi masa addu'a. Ya ce shi abin da ya sani, in Fulani suka buɗe ruwa ya ɗauke, in suka rufe ya dawo, ko makaho ya san wannan. Ɗangiwa ya ce to me ya sa bai ɗauke ba a shekara biyun farko. Ɗanmaliki ya ce shanunsu sun ƙaru. Ɗangiwa ya ce shanu ba sa tsotsar bututu, daga kwami suke sha, kuma duro bai canja ba. Ɗanmaliki ya juya ya ci gaba da ban ruwa, ya ce a haɗu ran Asabar.

Kwana biyu Ɗangiwa yana tunanin yadda zai nuna wa mutane abin da ba a gani. Lamba ba za ta shige su ba, ya sani. Yana zaune a tsakar gida ya ga Mu'minatu tana tace zoɓo, ja wur a cikin ƙwarya, sai dabara ta faɗo masa, ya yi murna da ita kamar yaro. Zai sa famfon ya sha a gaban kowa. In suka ga da idonsu cewa tsotsa yake yi a daidai wuyan, za su tambayi dalilin da ya sa nan kaɗai yake tsotsa, shi kuma ya nuna musu. Ya roƙe ta ta dafa masa mai kauri, ba sukari.

Ran Asabar da hantsi aka taru a bakin dakali. An shimfiɗa wa Maigari tabarma, tsoho ne da ba ya son a daɗe a rana. Mata sun tsaya daga baya da jarkokinsu. Mu'awiyya ya zo shi kaɗai ya tsuguna a gefe. Famfo na ta fitonsa.

Ɗanmaliki ya yi magana tukuna, ya faɗi wahalar mata, ya ambaci wata mai ciki da ta zame a gangare da jarka a ka. Gaskiya ce, kowa ya sani. Sannan aka ba Ɗangiwa dama. Ya zana lambobinsa a ƙasa, goma sha biyu, goma, uku da ɗigo biyu. Mutane suka yi shiru irin na ladabi. Wani daga baya ya ce a bar Injiniya ya gama karatun allonsa, aka yi dariya kaɗan. Sai ya ɗauko guntun tiyonsa mai haske ya cusa a bakin famfo, ya ajiye ƙwaryar zoɓo a ƙasa, ya tsoma ɗaya bakin a ciki.

Fiton ya tsaya. Jan ruwa ya kama hawa cikin tiyon, kowa na gani, ya hau ya shige famfo. Ƙwaryar ta soma raguwa. Ba wanda ya yi tari. Wata ƙadangaruwa da ke kan dakalin ta ɗaga kai ta sauke. Ƙwarya ta ƙare, tiyon ya yi ƙarar maƙogwaro, fito ya dawo.

Maigari ya gyara zama ya tambayi inda zoɓon ya tafi.

A nan ya kamata Ɗangiwa ya yi hattara. Amma an yi masa tambayar da ya san amsarta, kuma ya shekara da yawa ba wanda ya tambaye shi komai. Ya ce ranka shi daɗe, yana cikin bututu ya nufi yamma. Daga nan zuwa kwami mita ɗari biyu ne, ruwan na tafiyar rabin mita a sakan, sakan ɗari fuɗu ke nan, cikin minti bakwai zai fito. Samari uku suka hau babur ɗaya suka gangara. Jama'a suka tsaya suna duban wayoyi. Minti bakwai bai cika ba wayar Ɗanmaliki ta yi ƙara. Ya saurara, ya sa a lasifika don kowa ya ji. Ja ya fito a kwamin Fulani, in ji yaran, ga shanu nan suna sha.

"To, jama'a," in ji Ɗanmaliki, muryarsa a kwance. "Da muna cewa suna hana ruwa zuwa. Ashe har wanda munka riƙa a ƙwarya janye shi sukai. Ba ni na faɗi ba, Injiniya ya gwada muku."

Ɗangiwa ya ɗaga hannu. Ya ce a saurara, ya ce tsotsar a wuyan take, in an huda bututun taku biyu kafin wuyan ruwa ne zai fito, a ba shi ƙusa ya nuna. Ba wanda ya ba shi ƙusa. Surutu ya riga ya tashi. Mata suna cewa sun gani da idonsu. Ya nemi fuskar Mu'minatu a cikinsu, ya same ta tana kallon ƙasa. Mu'awiyya ya miƙe ya ce in lokaci ne matsalar, za su mayar da shayarwa bayan azahar. Aka ce masa sai kuma ruwan yamma ya ɗauke ke nan. Ya koma ya tsuguna.

Maigari ba mugu ba ne. Ya kira Ɗangiwa kusa ya yi masa tambaya ɗaya, a hankali: in aka toshe bututun yamma, famfon zai kawo ruwa safe da yamma, ko ba zai kawo ba?

Ɗangiwa ya san amsar. In ruwa ya daina wucewa ta wuyan, ba gudu, mita biyu tana nan.

"Zai kawo, ranka shi daɗe. Amma in anka cire wuyan ma zai kawo, kuma ba wanda zai tashi."

Maigari ya dubi dakali, ya dubi sunan da ke kai, ya dubi Ɗanmaliki da mutanen da ke bayansa. Ya ce fasa abin da jama'a suka gina ba ƙaramin abu ba ne, a fara gwada toshewa tukuna, in an ga hali daga baya sai a duba maganar Injiniya. Kowa a wurin ya san daga bayan nan ba za ta zo ba.

Samarin kwamiti suka ce za su sare bututun da gatari su cusa tsumma da leda. Ɗangiwa ya san abin da zai biyo baya, tsagewa ce za ta bi jikin bututun, tanki ya tsiyaye cikin ƙasa, gari da ruga duka su rasa. Ya ce su bari. Ya je gida ya ɗauko zartonsa, ya gangara gindin tanki ya rufe babban bawul, ya hawo. A bayan dakali, ta yamma, ya tona ƙasa ya yanka bututun da ya shimfiɗa da hannunsa, yanka mai kyau, ya goge bakin, ya shafa gam ya sa murfi. Ya yi aikin yadda aka koya masa, ba zai yi yoyo ba ko shekara ashirin. Da gam ya kama aka buɗe bawul, famfo ya yi tari sau biyu ya kawo ruwa, rana tsaka. Aka yi guɗa. Ɗanmaliki ya dafa kafaɗarsa.

"Ka gani, taubashi? Ilimi na da rana tai. Kai ka kama mana ɓarawo."

Ɗangiwa ya cire hannun daga kafaɗarsa, ya naɗe zarto a tsumma.

Kwana fuɗu rugar ta yi tana jan ruwa da jakuna daga wata tsohuwar rijiya mai nisa, shanu suna zuwa bakin kwami da hantsi bisa sabo, su tsaya suna lasar siminti. Ran na biyar suka kwance bukkoki. Ɗangiwa ya je. Ya tarar an ɗaure tabarmi da ƙore a bayan bijimai, Sauda tana ƙirga 'yan maruƙa. Ya fara cewa wani abu game da zoɓon, Mu'awiyya ya tare shi.

"Malam, minti bakwai ka ce, minti bakwai ya zo. Ban taɓa ganin irin haka ba." Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Da ka ce ba ka sani ba."

Suka yi kudu. Ba wanda ya raka su sai shi, shi ma iyakarsa aduwar da ya yi lissafi a ƙarƙashinta.

Famfon Tudun Na'iya bai sake fito ba. Yana zuba safe da yamma, kuma duk baƙon da ya zo ana kai shi ya ga dakalin, a ba shi labarin ranar da famfo ya sha zoɓo ya tona asirin ruga. A labarin ana yaba wa Ɗangiwa ƙwarai, ana cewa har minti ya faɗa. Da farko yana gyara wa masu faɗa, yana tsugunawa ya zana goma sha biyu da goma a ƙasa. Da ya ga suna gyaɗa kai suna jiran ya kai wurin zoɓon, sai ya daina.

Gwiwar Mu'minatu ta yi sauƙi. Fura kuwa da ruwa ake dama ta yanzu, sai ran kasuwa in wani ya sayo nono daga Kebbe. Ɗangiwa ba ya shan ruwan famfon. Kowace safiya yana ɗaukar buta biyu ya gangara gindin tanki ya ɗebo nasa, ya hawo gora biyar ɗin nan yana hutawa a hanya. Mu'minatu ta gaya masa ruwan ɗaya ne, tanki ɗaya, bututu ɗaya. Ya ce ya sani, shi ya shimfiɗa shi.

Guntun inci fuɗun da ya yanka ya ajiye don maye gurbin wuyan Alhaji, kamu guda, yana nan jingine a bayan rumbu. Da damina ta faɗi wani kwaɗo ya shiga ciki ya zauna, in ya yi kuka sai muryarsa ta fito da kauri kamar ta bijimi. Mu'minatu ta ce a jefar da guntun, Ɗangiwa ya ce a bar shi, an auna shi daidai.